Kurakuran mai sayar da ragon kiwo wajen ciniki a kara

Mafi yawan asarar da ake yi a kara, ko ta Wudil ran Juma'a ko ta Maigatari ran Alhamis, daga baki take fitowa, ba daga dabbar ba.

Tun daga gida ake fara kuskuren: mutum ya ja rago bai yi lissafi ba. A ce ka saye shi dubu 120, dusa da harawa da magani sun ci dubu 40, kuɗin mota da la'ada dubu 10. Uwar kuɗinka dubu 170 ke nan, duk abin da ya gaza haka faɗuwa ce. Idan dubu 200 kake so, kada ka buɗe baki da ita, domin mai saye ba ya ɗaukar kuɗin farko a matsayin na ƙarshe, daga nan zai fara zaftarewa. Ka yanke masa dubu 240, tare da dalilin da ido zai gani: "Alhaji, taɓa gadon bayansa ka ji, wata uku yana turke." Amma ka fara zaga kara ka ji yadda ake taya irinsa. Wanda ya ce dubu 400 ba wanda zai tsaya taya masa.

Babban kuskure shi ne surutu bayan faɗin kuɗi. Mai saye ya yi shiru yana duba haƙora, kai kuma shirun ya dame ka, sai ka ce "amma akwai ragi". Ka rage wa kanka tun bai taya ba. Faɗi kuɗin ka kama bakinka, ko da zai yi minti guda yana jujjuya ragon. In ya taya dubu 160, ɗan dakata, sannan ka ce "albarka" a natse. Sau da yawa shi ne zai ƙara da kansa. Labarin taki ko bikin da ya taso ka kuwa, bar shi a gida, wanda ya san ka matsu ba ya gyara tayi.

"Albarka" kaɗai ba ta kai ciniki gaba, sai da tambaya. "Na layya ne ko na sari?" Ɗan sari ribarsa yake lissafawa, mai layya kuwa idan rago ya shiga ransa yana ƙarawa. "Me ka gani a jikinsa da ka tsaya nan?" In ya rasa aibi, ya rasa hujjar tayinsa.

Wajen sauka, kada ka yi tsalle daga 240 zuwa 200. Sauko 225, sai 215, sai 210, kowane ragi ya gaza na baya, kuma sai mai saye ya hau kafin ka sake sauka.

Kafin ka ce "na sallama", tambayi ko kuɗi hannu ne ko tiransifa, da wanda zai biya dillali la'ada. In tiransifa ce, igiya tana hannunka har kuɗin su shigo asusunka.