Gwangwanin da ya lotse, ya kumbura ko ya yi tsatsa: wanne za a ci, wanne za a zubar

Wanda ya sauka a Birtaniya, Amurka ko Kanada ba ya daɗewa kafin kabad ɗin kicinsa ya cika da gwangwanaye. Wake, masara, kifi, tumatir, madara, duk ana samun su da araha a gwangwani. Idan kuma kana zuwa wurin rabon abincin agaji da suke kira fud bank, mafi yawan abin da za a zuba maka a jaka gwangwani ne, wasu sun sha faɗuwa a mota da sito kafin su iso hannunka. Mu kuwa mun taso da tsoron almubazzaranci, zubar da abinci yana mana nauyi. To, ba kowace lotsa ce ke ɓata abinci ba, amma akwai gwangwanin da ko ɗanɗana shi bai kamata a yi ba.

Abin da ke tsare abincin gwangwani abu biyu ne, zafi da rufi. A masana'anta ana like murfin, sannan a dafa gwangwanin cikin tukunyar matsi. Abinci marar tsami, irin su nama, kifi, wake da masara, ana kai shi zafin digiri 121, domin tafasar ruwa ta digiri 100 ba ta kashe irin ƙwayar da ke haddasa cutar botulizim, wato cutar da dafin wannan ƙwaya ke shanye jikin mutum. Wannan ƙwaya tana cikin ƙasa da ƙura, kuma ta fi jin daɗin wuri mai laima, marar iska, marar tsami, wato dai cikin gwangwanin wake. Muddin rufin bai samu matsala ba, babu abin da zai shiga. Saboda haka duk lokacin da ka ɗauki gwangwani, tambayar ɗaya ce: rufin nan yana nan lafiya?

Mu ce ka dawo da jaka mai gwangwani biyar. Ka jera su inda akwai haske, ka ɓare takardar duk wanda kake shakka a kansa, don ta kan ɓoye tsatsa da yoyo.

Na farko, tumatir, ya ɗan lotsa a gefe, lotsawa mai sulɓi wadda ba ta yi kaifi ba, kuma nesa da baki. Wannan lafiyarsa ƙalau. Ka sa shi a gaba, ka fara amfani da shi. Na biyu, wake, shi ma a gefe ya bugu, amma ramin ya yi zurfin da za ka iya kwantar da yatsarka a ciki, ƙarfen ya karye ya yi tsini a kusurwa. A irin wannan tsini ne ƙarfe ke tsagewa, tsagar da ido ba ya gani. Ma'aikatar Noma ta Amurka da yatsa take auna zurfin, kuma hukuncinta a zubar.

Na uku shi ne mai ruɗin mutane. Kifi ne, lotsawar ƙarama ce, sai dai ta faɗa a kan leɓen gwangwanin, inda aka naɗe murfi da jiki. Ka shafa leɓen da yatsa ka ji: naɗi ne na ƙarfe a cikin ƙarfe, da ɗan danko a tsakani, kuma shi ne dukkan rufin. Bugu a nan yana iya buɗe naɗin na ɗan lokaci, ƙwaya ta shige, ya sake matsewa kamar ba a yi ba. Ƙaramar lotsa a leɓe ta fi babba a gefe haɗari. Haka ma idan ta faɗa kan layin waldar da ke sauka daga sama zuwa ƙasa a jikin wasu gwangwanayen.

Na huɗu ya yi tsatsa a gindi. Ka sa tsumma ka goge. Idan ta fita, ƙarfen ya fito sumul, a ci. Idan tana ɓarɓashi, ko ta bar ƙananan ramuka, ko tana kan leɓe, ya tafi shara. Wanda ka buɗe ka tarar da tsatsa a cikinsa, shi ma haka.

Na biyar ba ya zama daram a kan tebur, yana rawa, murfinsa ya yi tozo. Lafiyayyen gwangwani murfinsa a shafe yake, ko ya ɗan shiga ciki, saboda an rufe shi da zafi. Idan ya turo waje, ko ka danna ya yi ƙwas ya dawo, ko ka danna sama gindi ya turo, akwai iskar da ke taruwa a ciki. Wani lokaci tsamin tumatir ko abarba ne ke cin ƙarfe yana fitar da iska, wani lokaci kuma ƙwayoyi ne ke aiki. Daga waje ba ka da hanyar bambancewa, don haka hukuncinsu ɗaya. (Mutanen Suwidin suna da wani ruɓaɓɓen kifi da gwangwaninsa ke kumbura da gangan. Wannan nasu ne, ba ya cikin lissafinmu.)

Kada hanci ya ruɗe ka. Mun saba shinshina miya mu yanke hukunci, amma dafin botulizim yana iya kasancewa a abinci babu wari, babu canjin ɗanɗano, kuma lasa ɗaya tana iya kwantar da mutum. Za ka ji ana cewa tafasa ta minti 10 tana kashe dafin. Gaskiya ne, sai dai kafin ka kai ga tafasar ka buɗe, ya fantsama a hannu da wuƙa da tebur. Gwangwanin da kuɗinsa bai kai na burodi ba bai cancanci wannan kasada ba.

Kumburarre ko mai yoyo ba a buɗe shi, ba a huda shi, ba a juye shi a sinki, ba a ba kyanwa ko tsuntsaye. Ka sa safar hannu, ka ƙulle shi a leda biyu, ka jefa a sharar gama-gari ta waje, ba kwandon kayan da ake sake sarrafawa ba. Inda ya zuba, ka haɗa bilic kashi 1 da ruwa kashi 9, ka jiƙa wurin, ka bar shi minti 30 kafin ka goge. Wanda ya yi kyau a ido amma da ka buɗe ya feso ruwa, ko ka ga kumfa, ko ruwan da ya kamata ya zama garau ya yi gurɓi, hanyarsu ɗaya.

Idan an riga an ci, alamun kan fara ne tsakanin awa 12 zuwa 36, wani lokaci sai bayan kwanaki: ganin abu bibbiyu, fatar ido ta sauko, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara, sannan kasala ta gangaro zuwa ƙirji har numfashi ya yi wuya. Ba lokacin neman ganin likitan unguwa ba ne. A kira 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, a ajiye gwangwanin cikin leda a nuna. Akwai maganin dafin, amma hana shi ci gaba yake yi, ba ya warware abin da ya riga ya shanye.

Sau da yawa tsatsa da kumburi a gidajenmu ake samunsu. Ƙarƙashin sinki laima ce, kusa da hita ko murhu zafi ne, gareji da baranda kuma a hunturun Kanada suna daskarar da gwangwani, abin ciki ya buɗe ya matsa wa leɓe. Kabad busasshe mai sanyi-sanyi shi ne wurinsu. A nan tumatir da 'ya'yan itace suna riƙe ingancinsu wata 12 zuwa 18, nama, kifi da wake shekara 2 zuwa 5. Kwanan watan da ke jikin gwangwani galibi na inganci ne, lafiyayye ba ya zama guba don ya wuce shi da wata biyu. Da zarar ka buɗe kuwa, ka bar dabarar gida ta zuba mai a kan ragowar tumatir a bar shi cikin gwangwaninsa. Ka juye a roba mai murfi, ka sa a firji, kifi da wake a cinye cikin kwana uku.