Yadda zanen yatsa ko fuska ke tabbatar da biyan kuɗi a walat ɗin waya

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan suka ɗora yatsa a kan waya domin biyan kuɗi, hoton yatsan ne ake aika wa banki ya duba. Ba haka abin yake ba. A tsarin Apple Pay da Google Wallet, zanen yatsa da surar fuska ba sa barin cikin wayar. Aikinsu kawai shi ne su ba da izinin amfani da wani makullin sirri da ke ɓoye a ciki, shi kuma makullin ya samar da shaidar da banki zai karɓa. Wanda ya gane wannan zai iya saita walat ɗinsa daidai, kuma zai san inda zai duba idan biya ya ƙi tafiya.

Mataki na farko shi ne sanya lambar sirri ta kulle allo, domin waya ba ta yarda a yi rajistar yatsa ko fuska sai da ita. Bayan haka sai a yi rajistar. Idan yatsa ne, za a riƙa ɗora shi ana ɗagawa ana ɗan karkata shi har na'urar ta karanta tsakiyarsa da gefunansa, kuma ya kamata a riƙe wayar yadda aka saba riƙe ta a kullum, yatsan yana bushe. Idan Face ID ne, wanda ya fara fitowa a iPhone X a shekarar 2017, wayar tana haska ɗigo fiye da 30,000 na hasken da ido ba ya gani a kan fuska, ta auna tudu da kwarinta. Abin da ake ajiyewa lissafi ne da aka fitar daga ma'aunin, a cikin wani keɓaɓɓen sashe na wayar da Apple ke kira Secure Enclave, kuma wayoyin Android ma suna da irin wannan keɓaɓɓen wuri. Manhajar walat ba ta ganin wannan lissafi, amsar da take samu ita ce ya dace ko bai dace ba.

Mataki na biyu shi ne shigar da katin banki. Ana rubuta lambar katin ko a ɗauke ta da kyamara, banki ya tabbatar da mai katin, galibi ta lambar da yake turowa a saƙon tes, sannan a ba wayar wata lamba dabam da za ta wakilci katin, tare da makullin da ya keɓanta da wannan waya kaɗai. Wannan ne dalilin da ya sa lambobi huɗu na ƙarshe da ke fitowa a rasit sukan bambanta da na jikin katin, abin da kan tayar wa wasu hankali ba gaira ba dalili.

Mataki na uku shi ne biyan kansa, kuma a nan ya dace a tsaya a bi shi daki-daki. A ɗauki misalin mai iPhone da ke da Face ID, yana tsaye gaban na'urar karɓar kuɗi wadda ta riga ta nuna adadin da zai biya. Zai danna maɓallin gefe sau biyu a jere, katinsa ya bayyana a allo. Wannan danni biyu ba ado ba ne: fuska tana iya kallon waya ba da niyyar komai ba, don haka ana buƙatar wani aiki na hannu da zai nuna cewa mutum ya yi nufin biya. Daga nan kyamara za ta auna fuskar, Secure Enclave ya kwatanta sabon ma'aunin da wanda ke ajiye, kuma idan sun dace sai ya aika da izini zuwa wani guntu dabam mai suna Secure Element, inda lambar wakilci da makullin suke. Allon zai nuna Hold Near Reader, wato a riƙe wayar kusa da na'urar karɓar kuɗi, sai mutum ya kusantar da saman wayar ga na'urar, tazarar da ba ta wuce kimanin santimita 4 ba, domin zangon NFC ke nan, wato fasahar sadarwa ta kusa da kusa da wayar ke magana da na'urar ta hanyarta. Na'urar za ta miƙa wa wayar bayanan cinikin, wayar kuma ta haɗa su da makullinta da kuma wani ƙidayau da ke ƙaruwa a kowane ciniki, ta fitar da lambar shaida ta wannan ciniki kaɗai. Ita ce ke tafiya tare da lambar wakilci zuwa kamfanin katin, irin su Visa ko Mastercard, inda ake mayar da lambar wakilcin zuwa ta ainihi kafin banki ya amince ko ya ƙi. A cikin saƙon akwai alamar da ke cewa an tantance mai katin a kan wayarsa, shi ya sa sau da yawa na'urar ba ta sake neman lambar sirrin kati ba. Wanda ya saci saƙon a hanya kuwa bai samu abin kirki ba, tunda shaidar ba ta aiki a ciniki na biyu.

Idan biya ya ƙi, abin lura shi ne a wane mataki ya tsaya. Idan katin ya bayyana amma wayar ta nemi lambar sirri, matsalar tana wajen tantancewa: jiƙaƙƙen yatsa, ko yanka a kansa, ko datti a kan na'urar karantawa, ko wani abu da ya rufe kyamara. iPhone yana rufe yatsa da fuska bayan kuskure biyar a jere, da bayan an sake kunna wayar, da kuma idan ta yi awa 48 ba a buɗe ta ba, kuma a duk waɗannan lambar sirri ce ke dawo da su. Idan kuwa wayar ta nuna alamar kammalawa amma na'urar ta ce an ƙi, to yatsa ya riga ya gama aikinsa, sai a nemi dalili a wajen banki, ko ƙarancin kuɗi, ko iyakar ciniki, ko katin da wa'adinsa ya ƙare.

Masu Android suna da wani abin dubawa na daban. Android ya kasa na'urorin tantancewa aji uku, kuma aji na 3, wato mafi ƙarfi, shi ake yarda da shi wajen biyan kuɗi. Wayoyi da dama suna buɗe allo da fuska ta kyamarar gaba kawai, wadda ba ta kai wannan aji ba, don haka fuska za ta buɗe wayar amma walat ya dage sai yatsa ko lambar sirri. Haka Pixel 7 na Google yake, sai a Pixel 8 na shekarar 2023 ne fuskar ta kai matsayin biya.

A ganina, inda aka fi yin sakaci shi ne lambar sirrin kanta. Apple ya ce yiwuwar yatsan wani baƙo ya dace a Touch ID, wato na'urar karanta yatsa ta Apple, ɗaya ce cikin 50,000, ta fuskar baƙo a Face ID kuma ƙasa da ɗaya cikin miliyan, ko da yake a Face ID yiwuwar tana ƙaruwa tsakanin tagwaye da 'yan'uwa masu kama da juna da yara 'yan ƙasa da shekara 13. Lambar sirri mai lamba huɗu kuwa haɗi 10,000 kacal gare ta, kuma wanda ya leƙa ya gan ta zai iya biya da ita kai tsaye, ko ya yi rajistar nasa yatsan. Don haka a sa mai lamba shida ko fiye, a kuma riƙa duba jerin yatsun da ke cikin saitin wayar, domin walat ba ya bambanta yatsan mai waya da na wanda aka ƙara daga baya. Manhajojin banki da yawa suna soke makullinsu da zarar an ƙara sabon yatsa, su nemi a sake shiga da kalmar sirri. Wanda ya ga irin wannan saƙo alhali bai ƙara komai ba, ya goge yatsan da bai sani ba, ya canza lambar sirrinsa nan take, sannan ya duba jerin cinikayyar da aka yi da katin.