Yadda ake rubuta gajeren bayani a gefen amsar da aka gyara

Yawancin sababbin malamai da na ga suna gyaran takardar aiki abu guda suke yi: su soke amsar da ba daidai ba, su rubuta ta daidai a kusa da ita, wani lokacin su ƙara "ka kula" ko "sake dubawa". Ɗalibi ya karɓi takarda, ya ga 26 ta koma 14, bai san me ya kai shi 26 ba, bai san ta inda 14 ta ɓullo ba. Ranar jarrabawa ya sake yin abin da ya yi. Idan kana so takardar ta zama abin da zai ɗauka ya yi bita da shi babu kai a kusa, bayanin da za ka rubuta dole ya tashi daga kuskurensa, ba daga amsarka ba.

Saboda haka matakin farko ba rubutu ba ne. Ajiye biro, ka gano hanyar da ya bi. A nan aikin yake, kuma nan ne ake tsallakewa.

Ɗauki wannan tambayar: 52 − 38. Amsa 14 ce. Wani ɗalibi ya rubuta 26, wata ta rubuta 24. Malami mai sauri zai ce duka biyun ba su iya ɗebewa ba, ya rubuta musu abu ɗaya. Amma duba da kyau. Mai 26 ya zo gidan ɗaiɗai ya tarar 2 ba za ta ba da 8 ba, sai ya juya lambobin, ya yi 8 − 2 ya sami 6, sannan 5 − 3 ya sami 2. Wannan bai yi aro ba sam. Ita kuwa mai 24 ta yi aron, ta sami 12 − 8 = 4 daidai, amma ta manta cewa 5 ɗin da ta ara daga gare ta ta koma 4, sai ta yi 5 − 3. Kusan ta iya, mataki ɗaya ya kuɓuce mata. Idan ka rubuta mata dogon bayani kan yadda ake aro, ka koya mata abin da ta sani, wurin da ta faɗi kuma yana nan ba a taɓa shi ba.

Yadda za ka tabbatar ka gano kuskuren shi ne ka sake yin lissafin da hanyar da kake zargi. In ta fitar da amsarsa cif, ka kama shi. Sai ka leƙa sauran tambayoyin irinta a takardar, in can ma hanyar ta fitar da abin da ya rubuta, to ba kuskuren hannu ba ne, ƙa'ida ce ya riƙe a karkace. Idan kuwa ka juya ka juya ba ka gane yadda ya sami amsar ba, kada ka yi kirdado. Rubuta "Nuna min yadda ka sami wannan", ka tambaye shi baki da baki. Bayanin da aka gina a kan zato yana ƙara rikita yaro ne kawai.

Bayan ka gano, sai rubutu. Ni abu uku nake sawa, kuma ba na yarda su wuce layi uku: abin da ya yi, abin da ya kamata a yi a daidai wurin, da hanyar da zai gwada amsar da kansa. Ga na mai 26:

"Ka yi 8 − 2, alhali 2 ce a sama. Ari goma daga 5: 12 − 8 = 4, sai 4 − 3 = 1. Gwada: 14 + 38 = 52."

Na mai 24 ya fi gajarta:

"Aronki daidai ne. Amma bayan aro 5 ta koma 4, don haka 4 − 3 = 1. Riƙa soke 5 ki rubuta 4 a samanta nan take."

Lura cewa da lambobin tambayar aka yi maganar, ba da ƙa'ida tsirararta ba. "Ana aro idan lambar sama ta fi ƙanƙanta" gaskiya ne, amma ai ya ji hakan a aji kuma bai hana shi faɗuwa ba. Sannan ka yi amfani da kalmomin da ka koyar da su. In "aro" kuka saba cewa a aji, kada wata kalma daban ta fito a gefen takarda. Ka ja 'yar kibiya daga bayanin zuwa ainihin lambar da ta lalace, kuma kada ka goge ko ka rufe amsarsa ta farko. Yana buƙatar ganin su biyun kusa da juna. Soke ta da layi ɗaya siriri ya isa.

Sashen gwaji ɗin nan shi nake ganin an fi raina wa, alhali shi ne yake aiki ranar da ba ka nan. Wanda ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5 ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Za ka nuna masa 3/6 + 2/6 = 5/6, wannan dole ne. Amma ƙara masa layi ɗaya: "Ka fara da rabi ka ƙara wani abu a kai, ta yaya za ka sami 2/5 da ba ta kai rabi ba?" Wannan tambayar za ta tsayar da shi a wata takardar da ba ka taɓa gani ba.

Na san abin da za a ce: aji cike yake, takardu tuli, ina lokacin? Ba kowace amsa ce take son cikakken bayani ba. Kuskure iri ɗaya in ya maimaitu sau biyar a takarda, rubuta bayanin a wuri na farko, sauran ka sa "duba lamba ta 3". Kuskuren kwafe tambaya ba daidai ba, zagaye lambar kawai ya wadatar. In kuma rabin aji sun faɗa rami ɗaya, kada ka gajiyar da hannunka, wannan darasi ne da za a sake a allo. Kafin ka buga takardar ma ka bar fili mai faɗi a gefen dama, domin bayanin da aka cusa tsakanin layuka ba ya karantuwa.

Game da maki, ni ba na rubuta shi a saman takardar da nake so a yi bita da ita, cikin littafina nake ajiyewa. A binciken da Ruth Butler ta wallafa a 1988, yaran da aka ba sharhi kaɗai aikinsu ya inganta, waɗanda aka haɗa musu sharhi da maki kuwa ba su fi waɗanda aka ba maki kaɗai ba. Ido kan maki yake fara sauka.

Daga ƙarshe ka bar masa tambaya ɗaya mai kama da wadda ya faɗi, a ƙasan bayanin, ka ba su minti biyar a aji su karanta su amsa. Ga masu ɗebewar nan, 63 − 27 ta dace. In 36 ta fito, bayanin ya shiga. In 44 ce, har yanzu yana juya lambobi. In 46 ce, ya fara aro amma bai rage 6 ba, sai ka rubuta masa irin bayanin da ka yi wa mai 24.