Ɗaya da aka ɗaga zuwa ∞ ba lallai ya ba da ɗaya ba: kurakuran da aka fi yi

Duk lokacin da na ba ɗalibai wannan tambaya, amsar da na fi gani a takardunsu ita ce 1:

`y = (cos x)^(1/x²)`, ina y ya dosa idan x na matsowa 0?

Hujjarsu ba ta wuce wannan: cos 0 ɗaya ne, kuma ɗaya ko sau dubu ka ninka shi da kansa yana nan ɗaya. Gaskiya ne, amma ga ɗaya cikakke. Shi cos x bai kai ɗaya ba, matsowa kawai yake yi, lambar da ke samansa kuma tana ta hauhawa ba tsayawa. Tushen yana jan amsa zuwa 1, lambar sama tana kumbura ɗan giɓin da ya rage, kuma ba a sanin wanda zai rinjaya sai an yi lissafi. Jacob Bernoulli ya ci karo da irin wannan a 1683 yana nazarin ribar da ake ɗorawa a kan riba. `(1 + 1/n)^n` yana ba da 2 idan n = 1, ya ba da 2.25 idan n = 2, ya kai kusan 2.7146 idan n = 365, har ya doshi e, wato kusan 2.71828. Siffarsa `1^∞` ce, ga shi kuwa amsar ba ɗaya ba.

Maganin shi ne logaridim, domin yana sauko da lambar sama ƙasa:

`ln y = ln(cos x) / x²`

Yanzu sama na tafiya 0, ƙasa ma haka, sai dokar L'Hôpital ta samu shiga. A yi wa sama d/dx ita kaɗai, a yi wa ƙasa ita kaɗai. Za a samu `−tan x / 2x`, kuma tunda `tan x / x` na dosar 1, sakamakon shi ne −1/2. A nan wasu kan ɗauko dokar d/dx ta rabawa su yi wa jimlar gaba ɗaya, su cika shafi guda a banza. Wasu kuma sukan saki dokar L'Hôpital a kan ninkawa. A misalin Bernoulli, `n · ln(1 + 1/n)` siffar `∞ · 0` ce, dokar kuwa ba ta san komai ba sai `0/0` da `∞/∞`. Dole a fara mayar da shi `ln(1 + 1/n) / (1/n)` tukuna.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na wanda ya yi duk wannan aiki daidai, ya rubuta −1/2, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. An zo bakin gulbi an kasa haye. Wannan −1/2 na ln y ne, y kuwa aka tambaya. Amsar ita ce `e^(−1/2)`, kusan 0.6065. Da ma ya ɗan tsaya ya duba, cos x a kusa da 0 yana sama da sifili, to ta ina ɗaga shi zai haifar da lamba mai alamar ragi? Ni nakan sa su rubuta `ln y →` a farkon kowane layi, don ido ya riƙa tuna musu.

A gwada da kalkuleta: x = 0.1, cos 0.1 kusan 0.995004, a ɗaga shi zuwa 100, za a ga kusan 0.6060. Amma a tabbata tana kan `RAD`. Wata ɗalibata ta taɓa kawo mini tata tana murna: “Malam, ka gani, 0.99985, ai ɗaya ne!” Ashe a kan `DEG` take. Na'urar ta tabbatar mata da kuskurenta.

Sai gajeriyar hanyar da ake haddacewa don jarrabawa: ga `f^g`, a nemo inda `g · (f − 1)` ya dosa, a ɗora a kan e. Tana aiki, domin `ln f` da `f − 1` kusan abu guda ne idan f na dab da 1. A wajen `1^∞` kaɗai ke nan. Gwada ta a kan `x^(1/ln x)`, x na matsowa 0 ta dama, wanda siffarsa `0^0` ce: za ta ba ka 1. Ɗauki logaridim kuwa, `ln y = ln x / ln x = 1`, ashe y = e ne tun daga farko.

Siffofin da ke buƙatar wannan aiki uku ne: `1^∞`, `0^0` da `∞^0`. `0^∞` ba ya cikinsu. Ƙaramar lamba da ake ta ninkawa da kanta ƙara ƙanƙancewa take yi, amsarta 0 ce kai tsaye.