Yadda Ake Duba Ko Tasharka Ta YouTube Ta Cika Sharuɗɗan Fara Samun Kuɗi

Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da kai, tana son mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 da suka wuce. Ga masu gajerun bidiyo na Shorts, kallo miliyan 10 cikin kwana 90 yana maye gurbin awannin. Ba a haɗa biyun a yi lissafi ɗaya.

Da farko ka buɗe manhajar YouTube Studio a wayarka, ko ka shiga studio.youtube.com. Ka taɓa Earn, yana ƙasa a waya, a kwamfuta kuma yana gefen hagu. Nan za ka ga yawan mabiyanka da awannin da aka ƙirga maka. Wannan adadin shi ne abin dogaro, ba wanda ke cikin Analytics ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa.

A ce mai gyaran waya a Taminus, cikin Jos, yana koyar da sana'ar a tasharsa. Ya shiga Analytics, ya zaɓi Last 365 days, ya ga awa 4,300, har ya fara murna. Da ya leƙa Earn sai ya tarar da 3,550. Ina 750 suka shiga? Awa 500 daga Shorts suka zo, kuma kallon da ake yi ana zazzaga Shorts ba ya shiga lissafin awa 4,000. Sauran 250 na wani tsohon bidiyo ne da ya mayar Private don sautin bai yi masa ba. Duk bidiyon da aka goge, ko aka mayar Private ko Unlisted, awanninsa sun tafi da shi. Haka ma kallon da ka samu ta tallar da ka biya. Shi ya sa nake ba da shawara kada ka taɓa tsofaffin bidiyonka, komai muninsu, sai an karɓe ka cikin tsarin raba kuɗin talla.

Sannan wata 12 ɗin ba daga Janairu ake ƙirgawa ba. Kullum rana ɗaya na shiga, ɗaya na fita. Idan wani bidiyonka ya samu karɓuwa bara da azumi, azumin bana na wucewa za ka ga adadin yana raguwa ko da ana kallonka. Ba damfara ba ce. Shafin Earn kuma yakan ɗan yi jinkiri, don haka kallon jiya ba lallai ya bayyana yau ba.

Idan da saura, ka taɓa maɓallin neman sanarwa a shafin, za su turo maka imel in ka cika. Kafin lokacin ka kunna 2-Step Verification, wato tsaro mai mataki biyu wajen shiga, a asusunka na Google, ka tabbatar babu hukuncin karya doka a kan tashar. Cika adadi damar nema kawai yake ba ka: bayan ka nema ka haɗa AdSense, asusun da Google ke biyan kuɗin talla ta cikinsa, sai an duba tashar, abin da kan ɗauki kusan wata guda.