Lissafin Kuɗin Zobo da Ruwan 'Ya'yan Itace a Kofi

1. Rubuta duk abin da kika kashe a tukunya ɗaya: zoborodo, sukari, citta, ƙanƙara, makamashi. Kuɗin kofi da murfi ki ware shi daban, don kowane kofi da nasa.

2. Auna zobon bayan tacewa, ba kafin ba, domin ganyen yana shanye ruwa. Haka lemu: ki matse kilo ɗaya ki gani, da wuya ya wuce rabin lita.

3. A ce kin samu lita 10. Ɗauki kofi mai cin mililita 350, amma ki tsaya a 300, saboda murfi. Kofi 33 ke nan. Raba jimillar kuɗin gida 33, ki ƙara kuɗin kofi, sannan ki ɗora riba.

4. Nan ne ake yin asara. Hannu ya ɗan zarce da mililita 30 kacal, ido ba zai gani ba tunda bakin kofi ya fi gindinsa faɗi, amma kofi 30 za ki tashi da su. Ki samu ludayi ko jug mai alamar awo, kowa ya zuba da shi.

5. Da yamma ƙirga kofunan da suka fita. In zobo ya ƙare ba su kai 33 ba, ana zarcewa.