Yadda Ake Kai Ƙorafi Gaban Babban Banki Ba Tare da Zargi ba

Idan aka cire maka kuɗi a na'urar POS amma mai shago bai ga shigarsu ba, bankinka ne wurin farko da za ka nufa, domin Babban Bankin Najeriya, CBN, ba ya karɓar ƙorafin da ba a fara kai wa bankin ba. Ka shigar da kokenka a rubuce, ka kuma tabbatar an ba ka lambar ƙorafi kafin ka bar wurin. Wannan lamba ita ce shaidarka cewa ka bi hanya, kuma rashinta ne ke sa a mayar da mutane da yawa baya. Ƙa'idar da CBN ya fitar a 2020 ta ce a mayar da irin wannan kuɗi cikin awa 72, amma kafin ka ɗaukaka maganar sai ka ba bankin mako biyu.

A cikin wannan lokaci ka tattara takardar da na'urar ta fitar, musamman lambar RRN da ke jikinta, wato lambar da ake bin diddigin cinikin da ita, da saƙon cire kuɗin da ya shigo wayarka, da bayanin asusunka na watan, da duk amsar da bankin ya aiko.

Idan mako biyun ya cika shiru, sai ka rubuta wa daraktan sashen CBN mai kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna ta cpd@cbn.gov.ng, ko ka miƙa takardar a reshen CBN mafi kusa. A nan ne ake yawan ɓata aiki, saboda zuciya ta riga ta yi zafi. Wanda ya rubuta cewa ma'aikatan banki sun sace masa kuɗi ya ɗora wa kansa nauyin kawo hujjar sata, alhali sau da yawa matsalar tana tsakanin bankinsa da bankin mai na'urar ne. Abin da ya fi shi ne ka jera abin da ya faru bisa tsarin kwanaki, misali: "Ranar 3 ga Maris an cire naira 45,000 daga asusuna, takardar POS kuma ta nuna cinikin bai yiwu ba. Na kai ƙorafi ranar 4, aka ba ni lamba kaza, kuma har zuwa ranar 20 kuɗin bai dawo ba." Jami'in da ya karanta wannan zai iya bin diddigin kowace jimla.

Idan wani ma'aikaci ya yi maka alkawari da baki, ka ambaci ranar da reshen da abin da aka faɗa, ka bar batun niyyarsa, tunda ba ka da masaniya a kanta. Sannan ka bayyana buƙatarka a jimla guda, wato a mayar da naira 45,000 cikin asusunka. Ka sa sunanka da lambar asusu da ta waya, amma kada ka rubuta PIN ko kalmar sirri, ka haɗa kwafin takardun, ka riƙe na asali a hannunka.